Aikina Karɓar Kaya da Fitarwa Ne, Me Zan Rubuta a CV?

Tambaya: Shekarata huɗu ina riƙe da sito a wani kamfanin sayar da magunguna a Kano. Na ga wata ƙungiyar agaji tana neman jami'in sito, suna son wanda zai rage asarar kaya, ya hana magani yankewa, ya riƙa miƙa rahoto a kan lokaci. Ni kuwa abin da ke CV ɗina shi ne karɓar kaya, fitar da kaya da rubuta rahoto. Ban taɓa samun lambar yabo ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, nasarar da kake nema tana cikin takardun sitonka, ba sai da lambar yabo ba. Duk mai riƙe da sito yana karɓar kaya yana fitarwa, don haka wannan layin bai bambanta ka da kowa ba. Mai tantancewa so yake ya ga abin da ya sauya saboda kai ne a wurin. Ajiye CV ɗin tukuna, ɗauko sanarwar aikin. Buƙatu ukun nan da suka lissafa, kowacce ka nema mata hujja ɗaya daga aikinka.

Mu tsaya a kan asarar kaya, domin nan ne aka fi yin kuskure. Buɗe rajistar magungunan da wa'adinsu ya ƙare, ka fitar da jimillar kuɗinsu na wata shekara a farkon aikinka da na wata ta baya-bayan nan. A ce a 2022 an zubar da na naira miliyan 2.4, a 2024 kuma na miliyan 1.5. Kada ka yi gaggawar rubuta waɗannan kuɗaɗen. Darajar naira ta faɗi sosai tun watan Yunin 2023, farashin magani ya tashi, saboda haka miliyan ɗaya ta 2022 ba ita ce ta 2024 ba. Raba asarar kowace shekara da jimillar kayan da suka shigo sito a shekarar. Idan na miliyan 60 ne suka shigo a 2022, asarar ta kama kashi 4 cikin 100. Idan na miliyan 100 ne a 2024, ta koma kashi 1.5. Ka ga raguwar ta fi yadda kuɗin suka nuna, kuma ba ka fallasa sirrin cinikin kamfaninku ba.

Saura ka tambayi kanka: me na yi har ta ragu? Wataƙila kai ne ka sake jera kantoci, maganin da wa'adinsa ya fi kusa ya dawo gaba ya fara fita, kana kuma sanar da manaja duk abin da ya rage masa wata shida. To layin ya samu: "Na rage asarar magungunan da wa'adinsu ke ƙarewa daga kashi 4 zuwa kashi 1.5 cikin shekara biyu, ta hanyar fara fitar da masu kusan lalacewa da binciken wa'adi kowane wata." In za ka mayar da shi Turanci, yi amfani da ainihin kalmar da sanarwar ta kira asarar da ita, kada ka musanya ta da wata don burgewa.

Yankewar magani kuma katin kaya ne zai gaya maka. Zaɓi magunguna ashirin da suka fi fita, ka ƙirga kwanakin da katin kowanne ya nuna sifili, a da da yanzu. Rahoto ya fi sauƙi, ranar da ka tura kowanne tana nan a imel ɗinka. In goma sha ɗaya ne cikin goma sha biyu suka isa kafin wa'adi, rubuta goma sha ɗaya. Ni dai na fi yarda da wannan adadin a kan wanda ya ce bai taɓa makara ba.

Idan wanda ka gada bai bar rajista ba, babu lissafin da za ka gwada da shi, to kada ka ƙirƙira. Faɗi girman abin da ke hannunka: nau'in magani nawa, shaguna nawa kake ba kaya a mako, ƙidaya nawa aka yi lissafi ya daidaita. Haka kuma in manaja ne ya rage odar maganin da ba ya tafiya, wani ɓangare na raguwar nasa ne, sai ka ce ka ba da gudummawa, ka ambaci naka aikin.

A intabiyu za a ce maka daga ina ka samo kashi 4 ɗin, kuma ƙungiyoyin nan sukan tuntuɓi tsohon shugabanka kafin su ba da takardar kama aiki. Rubuta lissafin kowane layi a takarda guda: shekara, kayan da suka shigo, wanda aka zubar. Layin da ka kasa bayyana lissafinsa cikin minti ɗaya, cire adadin ka bar bayanin aikin.