Akwatin wana agogo: ya cancanci kuɗinsa kuwa?

Tambaya: "Ina sayar da agogo a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A cikin gilashina akwai agogo masu wana kansu guda 12, yawanci Seiko 5 da Orient, kuma ni kaina ina da ɗaya da nake ɗaurawa ranar Juma'a kawai. An yi mini tayin akwatin da ke juya agogo da lantarki, mai gurbi huɗu, a kan naira dubu 90. An ce idan agogo ya daɗe a tsaye man cikinsa daskarewa yake yi. In saya, har ma in kawo wa masu saye?"

Alhaji, don kayan gilashi kada ka saya. Akwatin nan ba ya ƙara wa agogo kwana. Abin da yake sayar maka shi ne hutun saita lokaci da kwanan wata, kuma agogon ne ke biyan kuɗin hutun da jikinsa.

Idan ka duba bayan Seiko 5 mai murfin gilashi, za ka ga wani ƙarfe kamar rabin faifai yana lilo duk lokacin da ka karkata agogon. Shi ne rota. Motsin hannu ke juya shi, shi kuma ya nannaɗe sifirin da ke cikin ɗan gwangwaninsa, sifirin ya riƙa sakin ƙarfi kaɗan-kaɗan ga haƙoran giya. Injin 7S26 da ke cikin tsofaffin Seiko 5 yana riƙe wani, wato ƙarfin da sifirin ya tara, na kimanin awa 41, injin ETA 2824-2 kuma wajen awa 38. Wannan ya sa agogon da ka cire daren Juma'a kake samunsa a tsaye kafin Litinin. Ba lalacewa ba ce, ƙarfin ne ya ƙare.

Maganar daskarewar mai tana da asali, amma ta tsufa. Man da ake sa wa agogo a da daga kitsen dabba da tsirrai ake yin sa, kuma yakan yi danƙo idan ya kwana biyu. Na yanzu man haɗi ne, irin Moebius 9010 da masu gyara ke ɗigawa da tsinke. Shi ma yana bushewa da shekaru, ko agogo na tafiya ko yana kwance, sai dai wata ɗaya ko biyu a tsaye ba ya yi masa komai. Abin da tafiya take ƙarawa shi ne gogayya.

Mu yi lissafin da agogonka na Juma'a. Injin 7S26 yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 518,400 a kwana guda. Ka ɗaura shi yini ɗaya, ya ci gaba da tafiya har wanin ya ƙare, ka ga ya yi aikin kwana biyu da rabi a mako. Ka sa shi a akwati kuwa, kwana bakwai zai yi cur, bugu sama da miliyan 189 a shekara. Kusan ninki uku ke nan na aikin da yake yi yanzu, alhali sau ɗaya dai kake ɗaura shi. Ba zai mutu a shekara ɗaya ba, domin an ƙera shi ne a riƙa ɗaurawa kullum. Amma ƙafafun giya da ƙugiyar da ke ɗaukar motsin rota za su ci irin cin da suke yi a hannun mai ɗaurawa kullum, ranar kai shi sabis kuma ta matso. Ka ɗora wannan a kan hajar da kake son sayarwa da sunan sabuwa: agogon da ya yi wata takwas yana juyi a shago ya riga ya yi aikin wata takwas, kai ne kuma mai saye zai dawo wa.

Wasu na tsoron kada akwatin ya cika wani har sifirin ya tsinke. Wannan kam ba ya faruwa. Ƙarshen sifirin agogo mai wana kansa ba a kafe yake ba. Idan ya cika sai ya zame a jikin bangon gwangwanin, wanda aka shafa wa giris na musamman. Matsalar tana ga akwati mai araha da ke juyi dare da rana babu hutu. Sifirin kullum a cike, kullum yana zamewa, giris ya ƙare, bangon ya fara karcewa. Alamarsa ita ce agogon da yake kai awa 40 a ajiye ya koma tsayawa tun bai kwana ba.

Akwai kuma maganaɗisu. Ɗan injin da ke juya akwatin yana da shi, kuma a wasu masu araha ba a raba shi da gurbin agogo yadda ya kamata ba. Idan ya kama siririyar wayar nan mai kama da gashi da ke daidaita bugu, sai zagayenta su manne, agogo ya fara gudu, minti da yawa a rana. Ka kusanto da kamfas jikin agogon. In allurar ta kauce, ya kamu. Mai gyara yana cire shi cikin ɗan lokaci da na'urarsa, amma in ka mayar da shi akwatin zai sake kamawa.

To wa ya kamata ya saya? Mai agogon da ke nuna rana da wata da shekara har da yanayin farin wata, wanda in ya tsaya saita shi aiki ne, kuskure wajen saitin kuma yana karya haƙori. Haka mai agogo uku ko huɗu da yake sauyawa kowane kwana biyu, da dattijon da yatsunsa ba sa iya kama ɗan maɓallin gefe. Su ne masu sayen, kuma ba su da yawa. Shi ya sa ba zan ce ka zuba jari a kai ba. Ka karɓi oda da kafin alƙalami, sannan ka kawo. Mai agogon batir ba ruwansa da shi sam, kada ka sayar masa.

In oda ta zo, ka tabbata akwatin yana da saitin TPD, wato yawan juyi a kwana, da maɓallin CW na juyi ta inda allurar agogo ke bi, da CCW na akasin haka, da na juyi biyu mai haɗa su duka. ETA 2824-2 yana wanuwa ta kowane ɓangare, juyi 650 ya ishe shi. Injin Valjoux 7750 kuwa ta ɓangare ɗaya kawai yake ɗauka, ana sa masa CW da wajen 800. In aka bar shi a juyi biyu, rabin juyin banza ne. Kada a sa agogon da ya tsaya cak, domin akwatin riƙe wani yake yi, ba ya tayar da matacce da kyau. A fara murza maɓallin gefe sau 20 zuwa 30. Injin 7S26 ba ya karɓar wanin hannu, sai dai a kaɗa shi hagu da dama kamar rabin minti. A fara saita akwatin a juyi 650 a duba kwana uku. In ya tsaya a ƙara 100. Sannan ka tuna da wutarmu: in ta ɗauke kwana biyu agogon ya tsaya a cikin akwatin, don haka ka nemi wanda ke cin batir ma.

Su kuwa guda 12 ɗin nan, ka bar su su kwanta a gilashi mai rufi sosai saboda ƙurar hunturu, nesa da lasifika da zafin rana. Sau ɗaya a wata ka tayar da kowanne ya yi tafiyar kwana ɗaya, ka rubuta sakan nawa ya ƙara ko ya rage, don ka gane mai matsala kafin ya bar hannunka. In za ka gyara kwanan wata a gaban mai saye, ka fara kai allurai ƙarfe shida, domin tsakanin tara na dare da uku na asuba haƙoran kwanan wata suna cikin aiki, murza su a lokacin yana iya karya su. Dubu 90 ɗin kuma ka ware ta don sabis da sauya robar hana ruwa ta waɗanda suka haura shekara uku a gilashi.