Talla ɗaya ba ta ɗaukar kaya uku

Tambaya: Muna da ƙungiyar tallafa wa marayu a Kano. A watan jiya mun kashe naira 120,000 a tallar Facebook, inda muka nemi gudummawa da 'yan sa-kai, muka kuma gabatar da kanmu, duk a rubutu ɗaya. An yi ta yabo ana sa albarka, amma kuɗin da ya shigo bai taka kara ya karya ba, kuma mutum biyu kacal suka zo aiki. Ina muka yi kuskure?

Amsa: Na'urar talla ta Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, abin da aka aike ta shi take kawowa. Idan kun danna Boost post kuka bar ta a kan neman tafi da tsokaci, za ta zaƙulo muku waɗanda suka saba rubuta "Allah ya saka da alheri" su wuce. Mai ciro kuɗi daban, mai ba da ranar Asabar ɗinsa daban. Ku shiga Ads Manager, wato shafin tsara talla na Meta, ku buɗe talla uku, kowacce da kuɗinta da ma'auninta.

Ku fara cire harajin kashi 7.5 cikin ɗari da Meta ke cajin masu talla a Najeriya tun 2022. Daga 120,000 abin da zai rage kusan 111,000 ne. A ce ku ba sanar da jama'a 20,000, neman 'yan sa-kai 30,000, gudummawa 60,000. Kuma kada ku sake su rana ɗaya, domin ƙaramin kuɗi idan aka yayyafa shi a kan talla uku a lokaci guda, babu wadda za ta yi ƙarfi.

Ta sanarwa ita ce ta farko, kwana goma, a ƙarƙashin Awareness, wato zaɓin sanar da jama'a. Gajeren bidiyo na aikinku ya isa, ba tare da lambar asusu ba. Ku duba mutum nawa ta kai wa, da Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya gan ta. Amfaninta na gaske shi ne tara masu kallo da za ku koma wa daga baya. (Ku nuna buhunan shinkafa da jakunkunan makaranta, ku rufa wa yaran asiri; maraya ba allon talla ba ne.)

Ta 'yan sa-kai kuwa ku ƙuntata ta ga unguwannin da ke kusa da ku, don wanda ke Bichi ba zai biya kuɗin mota duk mako ya zo Gwale ba. Ku faɗi aikin ƙarara: mutum 15, koyar da karatu, Asabar daga ƙarfe 10 zuwa 12. Maɓallin ya kai mutum WhatsApp, a kuma ajiye wanda zai amsa a ranar, saboda saƙon da ya kwana uku ya riga ya huce. A nan ake yawan yaudarar kai. A ce mutum 90 sun turo saƙo, allon zai nuna kowane saƙo ya ci kusan naira 330, ku ji daɗi. Amma idan 18 ne suka zo ranar farko, kowane ɗan sa-kai ya tsaya muku a kan kusan 1,670, kuma wannan shi ne lissafin da za ku rubuta. Idan masu saƙo sun yi yawa masu zuwa sun yi kaɗan, galibi sun ɗauka aikin albashi ne. Ku sa "babu biya" a layin farko.

Ta gudummawa ce ta ƙarshe. Ku nuna ta ga waɗanda suka kalli bidiyon ko suka taɓa hulɗa da shafinku, ta hanyar Custom Audience, domin baƙo bai cika tura kuɗi ga sunan da yau ya fara gani ba. Ku nemi abu ɗaya mai farashi, kamar kayan makarantar yaro guda, asusun kuma ya kasance da sunan ƙungiya kamar yadda yake a rajistar CAC.

Matsalar ita ce yawancin masu bayarwa taransifa suke yi, Meta kuma ba ta ganin abin da ya shiga banki. Saboda haka ku roƙi kowa ya rubuta wata kalma, misali "littafi", a wurin bayanin tura kuɗi, ko ku buɗe shafin biya na Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, don wannan tallar kaɗai. Duk mako ku gwada abin da ya shigo da abin da aka kashe. Idan an ƙona rabin kuɗin, ana danna tallar amma alat shiru, ku dakatar ku bi hanyar biyan da wayarku; sau da yawa lambar asusun ce aka sa a hoto, ba a iya kwafarta. Idan kuma dannawar ce babu, saƙon tallar za ku canza. Kason gudummawa ya fi kyau ku adana mafi yawansa zuwa azumi, lokacin da mutane da kansu ke neman inda za su kai sadaka.