Karfe na komawa baya bayan an lankwasa

Malamai, ina aiki a Agege. In na lankwasa falankin karfe mai kauri milimita 2 zuwa digiri 90, da na daga injin sai na ga 92. Injin ne ya lalace?

Dan'uwa, injinka lafiya lau. Karfe ne ke dan mikewa idan an sake shi, domin ba duka jikinsa ne ya karbi lankwasar ba, wani sashe yana nan kamar roba da aka ja. Maganinsa shi ne ka wuce gona da iri kadan: ka danna har 88, in ya saki sai ya tsaya a 90. Amma fa in bakin V din kasa, wato ramin injin da ake danna karfen a ciki, digiri 90 ne cif, ba ka da wurin wucewa. Nemi mai 85 ko 86, fadinsa wajen milimita 16, wato kauri sau takwas. Bakin na sama ma ya zama mai tsini haka.

Ni kullum sai na gwada a guntun da aka yanko daga falankin da zan yi aikin da shi, in dora sikwaya, in duba hasken da ke ratsawa. In ka koma silba mai tauri ko karfen da ba ya tsatsa, sake gwaji, domin sun fi mikewa.