Jam'iyyar da ba ta tsayawa zaɓe

Tambaya: "Malam, a Sudan na yi karatun Larabci, yanzu ina fassara labarai zuwa Hausa. Na rubuta cewa wata jam'iyya ta raba wa marayu abinci, edita ya soke, wai na ɓata labarin. To, ba kalmar da Balaraben ya rubuta ke nan ba?"

Ɗan'uwa, editanka ya yi gaskiya. A bakin Balarabe, jam'iyya taron mutane ne da suka haɗu don wata manufa: taimakon gajiyayyu, ko sana'a, ko ilimi. Abin da ka gani a labarinka, ina kyautata zato, "jam'iyya khairiyya" ce, wato ƙungiyar agaji. Shi kuwa Bahaushe da ya ji jam'iyya, sai tuta da ɗan takara da akwatin zaɓe su faɗo masa a rai. Ka ga mai karanta fassararka zai ɗauka 'yan siyasa ne suka fito neman ƙuri'a da buhunan shinkafa, alhali bayin Allah ne masu aikin lada. Jimlarka ba ta da aibi a nahawu, kuma a nan matsalar take: da ta karye, da kai kanka ka tsaya ka duba.

Yadda kalmar ta sauya sheƙa ba ɓoyayye ba ne. Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka kafa a 1949 ƙungiyar raya al'adu ce da farko, ma'anar Larabcin ke nan daidai. A 1951 ta rikiɗe ta koma ta siyasa, sunan kuma bai canza ba. A ganina wannan zamanin ne ya ja kalmar zuwa fagen siyasa har ta zauna daram, ƙungiya kuma ta ɗauki sauran aikin. Abin da Balarabe ke kira jam'iyyar siyasa shi ne "hizb". Ita ma wannan kalmar muna da ita, amma a makarantar allo muka ajiye ta: ita ce izu ko izifi, kashi ɗaya cikin 60 na Alƙur'ani. Saboda haka hizb ta koma jam'iyya a fassara, jam'iyya ta koma ƙungiya. Idan kuma ka ci karo da "al-jam'iyya al-amma" a labarin Majalisar Ɗinkin Duniya, babban zauren majalisar ake nufi, ba wata babbar jam'iyya ba.

Dubi kuma "kimiyya da fasaha", da muke faɗa kullum ba tare da tunani ba. Kalmomin biyu na Larabci ne, amma ka mayar wa Balarabe su yadda suke, zai yi ta mamakin abin da ya haɗa su. Kimiya a wurinsa reshe ɗaya ne tak, ilimin sinadarai, mu kuwa mun shimfiɗa ta ta rufe fagen gaba ɗaya, abin da shi yake ce wa "ulum". Fasaha a wurinsa tsabtar harshe ce da iya zance. A Hausa ta fara daga nan, shi ya sa muke ce wa gwanin waƙa fasihi, sannan ta gangara daga baki zuwa hannu, har ta isa ga injina da na'urori. Duk wanda ya ga an yabi wani limami da fasaha a littafin Larabci ya kwafo ta haka, to ɗalibin yau zai iya zaton malamin maƙeri ne.

Waɗannan masu sauƙi ne, domin ma'anar ta ƙaura kacokan. Ka haddace su sau ɗaya, an wuce wurin. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce kalmar da ta riƙe tsohuwar ma'anarta ta kuma haifi sabuwa, suna zaune a gida ɗaya. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne hali.

"Hal" a Larabci yanayi ne, abin da mutum ke ciki yanzu, wanda gobe zai iya gushewa. Wannan ma'anar tana nan da ranta a Hausa: halin da ake ciki, halin ƙaƙa-nika-yi, halin rai kwakwai mutu kwakwai. Amma Bahaushe ya ƙara mata wata, wato ɗabi'ar mutum, abin da Balarabe zai kira "khuluk" ko "ɗab'u". Ga ta uku ma, mai hali, wato mai abin hannunsa. Yanzu ɗauki karin maganar nan tamu, "hali zanen dutse". Muna nufin ɗabi'a ba ta kankaruwa. Mai fassarar da ya mayar da ita Larabci da kalmar "hal" ya sa Bahaushe ya ce yanayi ba ya canzawa, Larabawa kuwa suna da tasu maganar, "dawamul hali minal muhal", wato ɗorewar yanayi ɗaya abu ne da ba ya yiwuwa. Ka ga an haɗa hikimomi biyu faɗa, alhali ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Ta ɗaya gefen ma haka ne: gaisuwar "kaifa haluka" ba "yaya halinka" ba ce. Ka gwada yi wa surukinka wannan tambayar ka ga irin kallon da zai yi maka. "Kana lafiya?" ita ce Hausarta.

Akwai alamar da ke taimakawa a nan. Idan hali ya zo da "ciki", ko da aikatau kamar shiga da faɗawa, yawanci ma'anar Larabcin ce: ya shiga wani hali. Idan ya manne da mutum kai tsaye, halinsa, halin Audu, mugun hali, to ɗabi'a ce. Na ce yawanci, domin "ba shi da hali" tana iya nufin talauci, tana iya nufin rashin kirki, sai zancen da ke kewaye ya raba gardama.

Me ya sa wanda ya san Larabci ya fi faɗawa wannan rami? Domin wanda bai sani ba dole ya buɗe ƙamus. Kai kuwa ido na ganin kalmar, kunne ya ji ta saba, hannu ya rubuta kafin hankali ya iso. Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su juya tambayar. Kada ka ce "muna da wannan kalmar a Hausa?", amsar kusan kullum e ce. Ka ce: abin da Bahaushe ke nufi da ita, da wace kalma Balarabe ke faɗarsa? Idan wata kalma dabam ta fito, kamar yadda hizb ta fito mana a sama, to an rabu a hanya.

Gwada ta da sha'awa. Bahaushe zai ce jawabin ya ba shi sha'awa, ko yaro yana sha'awar karatu, ba komai a ransa. Balarabe zai faɗi waɗannan da "i'ijab" ko "ragba". "Shahwa" a wurinsa ta fi karkata ga buƙatar jiki. Ita ma ma'anar tana nan a Hausa, musamman a bakin malaman fiƙihu, shi ya sa a fassarar littafin addini gara ka fayyace ka ce sha'awar jiki ko son zuciya. Haka salla: "barka da salla" gaisuwar biki ce, ba ta ibadar nan mai raka'o'i ba, Balarabe kuma "id" yake ce wa bikin, mu kuwa idi ya fi tsaya mana a kan sallar da filin da ake yin ta.

Game da labarinka, rubuta "wata ƙungiyar agaji ta raba wa marayu abinci", ka mayar wa editan.