Baƙaƙen Hausa 24 ne ko 32?

Allah ya gafarta Malam, ina haɗa jadawalin ƙwayoyin sauti na Hausa da Larabci da Yarbanci. Na ƙirga na Hausa na samu baƙaƙe 24 da wasula 5, amma a littafi na ga 32 da 12. Wanne zan saka? Kuma da gaske ne harshen da ya cika baƙaƙe yakan rasa wasula?

To ɗana, kai haruffa ka ƙirga, shi kuma mai littafin sautuka ya ƙirga. Ɗauko takardarka mu bi ta tare. Haruffan boko, da sh da ts da 'y da hamza, su ne 24 ɗin da ka samu. Yanzu faɗi "ƙarya", sannan ka faɗi "ƙwarya". Wasulan ɗaya ne, karin sautin ɗaya ne, abin da ya raba su kawai shi ne kewayar leɓɓa a farkon kalma, ga shi ma'ana ta sauya. Wannan shi ne zubin kamantau, kuma da shi muke aiki, ba da ido ba. Za ka iya cewa ai ƙ ce da w suka jeru. Amma gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa "bread" ya zama burodi a bakinmu. Tunda haka ne, ƙw sauti guda ne. Sai ka ƙara kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy da fy, bakwai ke nan, ka kai 31.

Na ƙarshen rubutu ne ya ɓoye maka shi. Baran sarki da barar almajiri duk "bara" ake rubutawa, amma furucin r ɗinsu ya bambanta, ta farko ra-kaɗe ce, ta biyu ra-gare. Ga 32 ɗin da masanin Hausa Paul Newman ya bayar. Ka rubuta a gefe cewa Hausar Kano ce, don in ka je Sakkwato za ka ji sw da zw da ɗw, lissafin ya ƙaru.

A wasula ne masu jadawali suka fi yin ɓarna. Garin da ake zama da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su, saboda haka biyar ɗinka sun zama 10, in ka sa tagwan wasali ai da au su zama 12. Duka lissafin uku daidai ne, kowanne a ma'auninsa. Kuskuren shi ne ka rubuta wa Hausa 12, ka juya ka rubuta wa Larabci 3. Larabci ma yana da fataha da kisira da rufu'a gajeru da dogaye, yana kuma da ai da au. In Hausa 5 ce, Larabci 3 ne, Yarbanci 7. In Hausa 10 ce, Larabci 6 ne. Yarbanci kuma sai ka yanke shawara kan wasulansa na hanci, ka faɗi abin da ka yanke a saman jadawalin. Ni na taɓa karɓar aikin ɗalibi da ya auna kowane harshe da nasa mudun, sai da muka sake shi daga tushe.

Batun tambayarka ta biyu, na san inda ka samo ta. Harshen Ubykh na yankin Kaukasus, wanda mai magana da shi na ƙarshe ya rasu a Turkiyya a 1992, yana da baƙaƙe kusan 80 da wasula 2 kacal. Amma Rotokas na tsibirin Bougainville a Papua New Guinea baƙaƙensa 6 ne, kuma bai rama da wasula ba, 5 ne kamar namu. Taa na Botswana, mai sautukan ƙyas-ƙyas da harshe, an ƙirga masa baƙaƙe 122, ga kuma tarin wasula. Masanin sautukan harsuna Ian Maddieson ya gwada ɗaruruwan harsuna bai ga yawan wannan yana rage yawan wancan ba. A harsuna 317 da ya tattara a 1984, kusan kashi 70 cikin ɗari suna da sautuka tsakanin 20 da 37, kuma tsarin wasula biyar irin namu shi ya fi yawa a duniya. Hausa dai tana cikin masu ɗan yawan baƙaƙe, ba ta kai ta ba da mamaki ba.

Kafin ka kawo mini jadawalin, duba layin leɓɓa. Hausa tana da b ba ta da p a matsayin ƙwayar sauti, Larabci ma haka, kuma wannan giɓin ya yawaita a harsunan da ke kewaye da Sahara. In ka ji mutum ya ce "pampo" kada ka buɗe wa p gida, f ce ta fito da wata kama. Harafin p na Yarbanci shi ma kada ya ruɗe ka, kp ake furtawa.