Katin duba na taro ko na orakil: wanne ke faɗin abin da ke zuciyar saurayi?

"Ƴan'uwa, saurayina ya rage kira tun bayan sallah. Wata ta ce a duba mini da katin orakil, wata ta ce taro. Wanne ya fi nuna abin da yake ji game da ni?"

Ƙanwata, na daɗe ina juya katunan nan a Damagaram, bari in gaya miki inda suka rabu. Taro ƙidayarsa ba ta canzawa: kati 78, manya 22, ƙanana 56 da aka raba gida huɗu, wato kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi. Zancen zuciya a gidan kofuna yake. Ma'anar kowane kati an daɗe da tsayar da ita, mai daɗi da mai ɗaci duk suna ciki. Shi kuwa orakil, wanda ya zana shi ne ya zaɓi yawansa da abin da zai ce, shi ya sa kowane yake zuwa da ɗan littafinsa. Da yawansu don kwantar da hankali aka yi su.

Wata maƙwabciyata a Birni ta zo da irin damuwarki. Muka ajiye kati uku na taro, irin wanda aka fara bugawa a Landan a 1909: abin da saurayinta yake nunawa, abin da yake ɓoyewa, inda abin ya nufa. A na tsakiya katin kofuna huɗu ya fito, mutum zaune gindin itace ya naɗe hannu, ana miƙo masa kofi bai ko kalla ba. Wannan gundura ce, hankali ya tafi wani wuri. Na ƙarshe kofuna takwas, mutum ya juya baya yana tafiya da dare. Ranta ya ɓaci, ta ce a ja orakil. Aka ja ɗaya, an rubuta "Haƙuri". Nan take ta ce ai yana sonta, lokaci kawai yake jira. To katin bai ce haka ba. Kalma ɗaya ce, ita ta cika sauran da abin da take so ta ji. In kina son gane irin orakil ɗin da ke hannun mai duba, baje shi ki ƙirga katin rabuwa ko yaudara nawa ne a ciki. In babu, ba yadda za a yi ya ce miki an daina son ki.

Amma kada ki ɗauka taro ya leƙa zuciyar saurayin. Sake cuɗa shi gobe, wasu katunan ne za su fito. Kuma kin san malamai sun hana duba, gaibu sai Allah. Maƙwabciyar tawa sai ta tura yayarta ta tambayi yaron kai tsaye ko zai turo magabatansa, a nan ta samu amsarta.