Yadda ake rubuta lasisi a takardar neman aikin jinya

Tambaya: "Na gama makarantar jinya a Kano. Yaya zan rubuta lasisina da dakunan da na zagaya har masu daukar aiki su yarda?"

'Yar'uwa, ki raba rajista da lasisi. Rajistar NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, sau daya ake yi, lasisi kuwa sabunta shi ake yi, don haka ki sa lambar rajista da ranar karewar lasisin, domin nan suke fara dubawa.

Zagayen dalibta kada ki cusa shi cikin kwarewar aiki, shugabar ma'aikatan jinya tana kallon shekarun za ta gane. Ki ba shi wurinsa daban, misali: "Dakin tiyatar maza, makonni 6, wankin rauni da kula da wadanda suka fito daga tiyata, karkashin kulawar sista." Abin da kallo kawai kika yi, rubuta "na halarta", don a intabiyu sai an ce ki bayyana yadda ake yinsa.